Siginar zinariya ɗaya, da abin da lambobinta suka tona

Saƙon siginar, wato shawarar cinikin zinariya ta intanet, ya faɗo cikin wani guruf na Telegram da ƙarfe 1:05 na rana, a lokacin da zinariya ke yawo a wajen dala 2,350 kowace oza. Ga shi yadda ya fito a allo:

```
XAUUSD BUY 2348 - 2342
SL 2330
TP1 2351
TP2 2355
TP3 2370
```

XAUUSD ita ce zinariya a farashin dala, layin farko kuma yana cewa a saya tsakanin 2348 da 2342, wannan ita ce mashiga. SL shi ne farashin da za a rufe ciniki a tsayar da asara, TP kuma farashin da za a rufe a ɗauki riba. A ƙarƙashin saƙon admin ya ɗora hoton cati na awa ɗaya, wato zanen motsin farashi, ya ja jan layi a wajen 2340, ya ce farashi ya taɓa madogara, wato inda ya saba tsayawa idan ya sauko, kuma zai tashi. A saman guruf ɗin akwai saƙon da aka maƙale, wanda ke cewa siginoninsu na cin nasara kashi 85 cikin 100, kuma mai dala 200 ya buɗe lot 0.05, ma'aunin girman ciniki ke nan, a kan kowane TP, wato ciniki uku a lokaci guda.

Wanda ya turo mini shi ɗan yayata ne, mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Dala 200 ɗin da ke asusunsa ya tara su ne daga canjin sikirin da gyaran wajen caji. Bai ga saƙon ba sai 1:25, saboda yana kan aikin wani. Tambayarsa gajera ce: "Kawu, zinariya za ta hau ko za ta sauka?" Na ce masa wannan amsar ba ta hannuna, ba ta hannun admin ma. Abin da ke hannunmu shi ne lambobi shida ɗin nan, kuma sun ishe mu yanke hukunci tun kafin kasuwa ta motsa.

Mashiga

Abu na farko da ya kamata ido ya tsaya a kai shi ne faɗin mashigar. Daga 2348 zuwa 2342 dala shida ce, alhali daga saman mashigar zuwa TP1 dala uku ce kacal. Ƙofar shiga ta ninka ribar farko sau biyu. Wannan ya sa sigina ɗaya ta zama ciniki iri-iri, ya danganta da inda mutum ya samu shiga.

Wanda ya shiga a 2342 yana kasadar dala 12 a kowace oza, domin tazarar da ke tsakaninsa da 2330 ke nan. Idan aka kai TP1 ya ci 9, idan aka kai TP3 ya ci 28. Wannan ba mummunan ciniki ba ne a takarda. Wanda ya shiga a 2348 kuwa yana kasadar 18 don ya ci 3 a TP1, ko 7 a TP2. Shi kuma yaron nan, lokacin da ya buɗe manhajar ciniki ta MetaTrader 5, farashi ya riga ya fice daga mashigar gaba ɗaya. Cati na nuna 2350.00, amma farashin saye 2350.30 ne, domin cati yana zana farashin sayarwa, mai saye kuma yana biyan ratar da ke tsakanin biyun. Da ya danna a lokacin, zai sa dala 20.30 a kasada don neman santi 70 a TP1.

Mutane da yawa ba sa yin wannan lissafin, saboda suna ganin dala biyu ba komai ba ce a kan abin da ya haura dubu biyu. Amma ba da farashin zinariya ake auna jinkirin ba, da tazarar riba ake auna shi. Minti ashirin ɗin da ya yi yana ɗaure wayar wani sun cinye fiye da kashi uku cikin huɗu na ribar TP1, sun kuma ƙara masa kasada. Sigina tana da lokacin da take raye, kuma da zarar farashi ya bar mashigarta, abin da ya rage wani ciniki ne daban da ba wanda ya tsara shi.

Sai kuma maganar kashi 85 ɗin nan, wadda ita ce ta fi jan hankalin yaran. Mu ɗauki wanda ya shiga a kan lokaci, a 2348, ya nufi TP1. Yana cin 3, yana faɗuwa 18. Domin ya tashi ba riba ba asara, sai ya ci sau 18 a cikin kowane 21, wato kusan kashi 86 cikin 100. Idan ya yi ciniki 100 irin wannan ya ci 85, ribarsa 255 ce, asarar sauran 15 ɗin kuma 270. Ya riga ya faɗi da 15 tun ba a cire ratar da dillali, kamfanin da ake ciniki ta wurinsa, ke ɗauka ba. Idan aka sa santi 30 na kowane ciniki, faɗuwar ta zama dala 45 a kan oza ɗaya. Lot 0.05 oza biyar ce, domin cikakken lot na zinariya oza 100 ne, saboda haka asarar ta kai dala 225. Ko da admin bai yi ƙarya ko ɗaya ba a kan kashi 85 ɗinsa, mai bin sa da dala 200 zai ƙare da asusu fanko.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, kuma na ɗan daɗe a kansa da yaron. Idan ka sa wurin cin riba taku uku a gabanka, wurin asara taku goma sha takwas a bayanka, farashin da ke kai-komo ba tare da alkibla ba zai riga taɓa na kusa a mafi yawan lokuta. Lissafin yiwuwar ma shi ne dai wancan, 18 cikin 21. Ma'ana, wanda bai taɓa ganin cati ba a rayuwarsa, idan ya bi wannan tsarin, zai iya nuna nasara wajen kashi 85. Adadin ba shaidar iya karatun kasuwa ba ne. Tsarin jera lambobin ne ya haife shi.

Ina hujjar take mutuwa?

Duk wanda ya ce a saya yana da dalili, kuma kowane dalili yana da farashin da idan aka kai shi, dalilin ya rushe. Wannan farashin shi ne gurbin SL na gaskiya. Ba a zaɓen sa don ya yi nisa ko kusa, cati ne ke nuna shi.

Dalilin admin shi ne madogarar 2340. Da muka buɗe catin awa ɗaya, mun ga farashi ya sauko wannan yankin har sau biyu ya koma sama, kuma a cikin kandirorin catin, waɗanda kowanne ke nuna motsin awa ɗaya, lagwani mafi tsawo, wato mafi ƙasan inda farashi ya leƙa, ya tsaya a 2338. Daga nan ƙasa babu wani wurin da farashi ya taɓa tsayawa sai wajen 2322. A sama kuma, ƙololuwar da ta gabata tana 2356. Kandirorin ranar kowanne yana cin dala biyar zuwa shida daga kansa zuwa gindinsa.

To idan hujjar ita ce masu saye suna tsare da 2338 zuwa 2342, ranar da kandir ya rufe ƙasa da 2338 magana ta ƙare. Ana ƙara ɗan fili saboda lagwani, kada motsin da kasuwa ta saba yi ya fitar da mutum a banza, sai SL ya zauna a wajen 2335. Shi kuwa 2330 ba ya jingine da komai. Ba ƙarƙashin madogarar farko yake daf ba, bai kuma kai ta biyu ba, lamba ce mai sifili a ƙarshe da aka ajiye a tsakiyar fili. Wanda ya bi shi zai ci gaba da biyan dala biyar a kowace oza bayan dalilin shigarsa ya riga ya mutu. Amfanin wannan ƙarin filin ɗaya ne, yana rage yawan ranakun da za a rubuta a guruf cewa an faɗi.

TP3 ma haka yake. Kafin a kai 2370 sai an fasa 2356, inda masu sayarwa suka mayar da farashi baya a karon da ya wuce, kuma babu kalma ɗaya a saƙon da ta ce me zai sa a fasa shi yanzu. Lambar tana nan ne domin idan mai karatu ya auna 22 da 18, ya ga kamar ribar ta fi kasadar.

Ban ce ra'ayin sayen kansa shirme ba ne. Akwai ciniki mai ma'ana a cikin wannan catin: a jira farashi ya sauko 2342, SL a 2335, a fita a 2355 kafin shingen. Kasada 7, riba 13, kusan ninki biyu, kuma cin 35 cikin 100 ya isa a tashi ba asara. Amma wannan yana buƙatar a ajiye oda a jira, a kuma yarda cewa wataƙila farashi ba zai sauko ba, a wuni ba a shiga komai ba. Siginar da aka turo ba ta son a wuni ba a shiga ba.

Yanzu a haɗa SL ɗin da girman lot, domin a nan ne abin ya ba ni tsoro. A lot 0.01, duk dala ɗaya da zinariya ta motsa, dala ɗaya ce a asusunka. Ciniki uku na 0.05 sun zama 0.15, wato dala 15 a kowane motsin dala ɗaya. Daga 2350.30 zuwa 2330, asarar ta haura dala 300. Asusun kuma 200 ne. Wannan SL ɗin ba zai taɓa aiki a kan ciniki ukun tare ba, domin kuɗin za su ƙare kafin farashi ya iso wurin. Mai tsayar da cinikin a zahiri shi ne dillali, lokacin da ya ga abin da ya rage bai kai jinginar da yake buƙata ba, ya rufe da kansa.

Ƙa'idar da masu daɗewa a harkar ke bi ita ce kada ciniki ɗaya ya ci fiye da kashi 1 ko 2 cikin 100 na asusu. A dala 200, wannan dala biyu zuwa huɗu ne. Ana fara sanin wannan adadin, a raba shi da tazarar SL, abin da ya fito shi ne girman lot. Ko a gyararren cinikin nan mai kasadar dala bakwai, da mafi ƙanƙantar lot na asusun yau da kullum, 0.01, asarar ta kai kashi 3.5. Wato asusun yaron bai kai girman da zai ɗauki zinariya a catin awa ɗaya ba, ko da siginar mai kyau ce. Wannan maganar ba ta yi masa daɗi ba, amma ita ce gaskiyar lissafin.

Lot 0.15 zinariya ce ta sama da dala 35,000, a kan jarin 200. A 2018 hukumar ESMA mai kula da kasuwannin hada-hadar kuɗi ta Tarayyar Turai ta taƙaita wa ƙananan 'yan kasuwa bashin ciniki a kan zinariya zuwa ninki 20, bayan binciken hukumomin ƙasashenta ya nuna kashi 74 zuwa 89 na irin waɗannan asusun asara suke yi. A ƙarƙashin waccan dokar, dala 200 ba za ta buɗe ko lot 0.02 ba. Dillalin da guruf ɗin ke tura mutane wurinsa yana ba da ninki 500.

Abu na ƙarshe a kan SL shi ne a duba ko mai siginar yana mutunta shi. Mun koma baya a guruf ɗin muna karanta saƙonnin makonnin da suka wuce, ba hotunan riba muke nema ba, ranakun da kasuwa ta juya muke nema. A irin waɗannan ranakun kalaman sukan canza: a riƙe, a ƙara wani a ƙasa, a matsar da SL. Wasu tsofaffin siginonin suna ɗauke da alamar `edited` a gefen lokacinsu, domin Telegram na barin mai tasha ya gyara saƙo bayan ya tura, ko ya goge shi gaba ɗaya. SL ɗin da ake matsarwa duk lokacin da farashi ya kusanto shi ba iyaka ba ce. Wanda ya yarda da gyaran kuma ya rasa abu ɗaya tilo da ya sani tun farko, wato iyakar abin da zai iya rasawa.

Mun kuma duba kalanda, ranar babu babban rahoto. Da Juma'ar farkon wata ce, lokacin da Amurka ta saba fitar da alƙaluman ayyukan yi da 8:30 na safe agogon New York, wato 1:30 ko 2:30 na rana agogon Najeriya da Nijar gwargwadon lokacin shekara, da zinariya na iya tsallake SL ta rufe mutum a farashin da ya fi muni.

Wa ke biyan admin?

Na tambayi yaron nawa yake biya a wata. Ya ce ko sisi. "Kyauta ne, Kawu. Kawai ka yi rajista ta linkinsa, ka zuba dala 200, ka tura masa lambar asusunka, sai ya sa ka a VIP."

Wannan tsarin sananne ne, kuma kamfanonin dillanci da yawa suna tallata shi a fili a shafukansu. Wanda ya kawo musu abokin ciniki yana samun la'ada, ko dai dunƙule ɗaya idan mutumin ya zuba kuɗi ya fara ciniki, ko kuma wani abu a kan kowane lot da ya buɗe, ya ci ko ya faɗi. Lambar asusun da ake nema ita ce hanyar tabbatar da cewa mutum ya shiga ƙarƙashin sunan admin. Akwai ma kamfanonin da ba sa kai odar ƙananan abokan ciniki kasuwa, su ne ke tsayawa a ɗaya ɓangaren cinikin, ta yadda asarar abokin ciniki ita ce ribarsu, kuma wasunsu suna raba wannan ribar da wanda ya kawo shi.

Mu ƙaddara la'adar dala biyar ce a kowane lot, mu kuma ƙaddara mutum 200 ne ke bin kowace sigina da 0.15. Lot 30 ke nan, dala 150 a sigina ɗaya. Idan ana tura uku a rana, 450. A ranakun ciniki 20, dala 9,000. Lambobin nan misali ne, kowa na iya sa nasa, amma duk yadda aka juya su abu ɗaya ba ya shiga lissafin: ko zinariya ta hau ko ta sauka. Abin da ke ƙara kuɗin admin shi ne yawan masu shiga, girman lot, da yawan sigina.

Da wannan a zuciya, sai a sake kallon saƙon, duk abin da ya zama kamar sakaci zai sami ma'ana. Mashiga mai faɗi tana sa kowa ya ji bai makara ba. Raba ciniki uku yana ninka lot sau uku. TP1 na kusa yana samar da hoton nasara kusan kullum, wanda da shi ake jawo sababbi su maye gurbin waɗanda asusunsu ya ƙone. SL mai nisa yana jinkirta ranar kunya. Ba sai na san zuciyar mutumin ba, kuma ban ce ya zauna ya ƙulla mugunta ba. Mai yiyuwa haka ya ga ana yi ya kwaikwaya. Amma dillalin shanu da ke karɓar la'ada a kan kowace saniya da ta sauya hannu, ba shi ake tambaya ko yau ranar saye ce ba.

Karɓar la'ada ba laifi ba ne idan an faɗa. Abin da ke damuna shi ne kiran abin kyauta, da kuma ba wa mai dala 200 shawarar lot ɗin da zai hallaka shi a faɗuwa ɗaya. Mai karɓar kuɗin wata-wata shi ma yana da tasa karkatar, domin yana buƙatar sigina kullum don kada a ga an biya a banza, amma aƙalla yana son mabiyinsa ya daɗe. A gurufan kirifto masu tallata ƙananan kwabbai kuwa karkatar ta fi muni: mai cewa a saya yakan riga ya saya, kuma sayen mabiyansa ne ke ba shi wanda zai sayar wa.

Na rubuta wa yaron tambayoyi uku ya tura wa admin cikin ladabi. Shin yana samun wani abu daga dillalin? Shin zai iya shiga VIP da asusun wani dillali daban? Shin akwai tarihin cinikinsa na gaske da za a iya dubawa? Na ukun ba abu ne mai wuya ba. MetaTrader yana da kalmar sirri ta kallo kawai, `investor password`, wadda ke barin wani ya ga tarihin asusu ba tare da ya iya taɓa komai ba, kuma shafi irin Myfxbook yana haɗuwa da asusu ya nuna riba, asara, da mafi zurfin faɗuwar da aka yi, ya kuma nuna ko asusun na gaske ne ko na gwaji. Hoton allo ba ya maye gurbin wannan, domin asusun gwaji ma yana fitar da shuɗayen lambobi iri ɗaya. Amsar da ta dawo ita ce sai ta linkinsa kawai, sannan: "Ƙanena, ka yarda da tsarin, masu tambaya da yawa ba sa cin kuɗi." Tambaya ta farko da ta uku ba a taɓa su ba.

Akwai wasu abubuwa biyu da na gaya masa ya kai su inda suka dace. Dokar zuba jari ta Najeriya da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta ƙarfafa ikon hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari a kan masu harkar zuba jari ta intanet, don haka ya duba ko dillalin yana da rajista a wurinta ko a wata hukuma da ake iya kai wa ƙara. Sannan majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi fatawa a 2006 tana hana ciniki da bashin dillali irin wannan, zinariya kuma tana da nata sharaɗin na hannu da hannu. Wannan tambayar malamai ce, kuma tana gaban duk lissafin da muka yi.

Yadda ranar ta kaya

Bai shiga ba. Kafin la'asar farashi ya taɓa 2351, guruf ya cika da alamun wuta, admin ya rubuta:

```
TP1 HIT +90 PIPS
```

A irin ƙidayarsu, santi 10 na zinariya shi ne fif ɗaya, don haka 90 na nufin dala tara, wato an auna daga 2342. Muka koma catin minti biyar. Tsakanin tura saƙon da taɓa TP1, farashi bai sauka ƙasa da 2346 ba. Babu mutum ɗaya a guruf ɗin da ya sami 2342. Wanda ya shiga a 2348 ya ci fif 30 ko ƙasa da haka, wanda ya shiga lokacin da yaron ya gani ya ci 7.

Yaron ya kira ni, muryarsa da ɗan zafi, ya ce ga shi an ci. Na ce ya lissafa nawa zai samu. Santi 70 sau oza biyar, dala uku da rabi, kuma da sauran ciniki biyu a buɗe.

Farashi ya ɗan leƙa 2353, bai kai TP2 ba, ya juyo. Bayan magariba kandir ya rufe a 2336, ƙasa da madogarar da aka gina komai a kanta. Admin ya ce a riƙe, mai hali ya ƙara. Cikin dare aka sauka har 2332. Ga wanda ya shiga a 2350.30 da dala 200, sauran lot 0.10 ɗinsa na cin dala 10 a kowane taku. Jinginar oza goma a ninki 500 dala 47 ce, dillalin kuma yana fara rufewa idan abin da ya rage ya sauka zuwa rabin jinginar. Daga 203.50, idan asara ta kai 180, saura 23.50, kuma wannan yana faruwa a 2332.30. A nan dillali zai fara rufe masa ciniki, saura dala biyu da 'yan santi a kai SL ɗin da aka ba shi.

Washegari zinariya ta farfaɗo ta kai 2355. A littafin guruf, siginar ta ci TP1 da TP2, SL bai taɓu ba, an ƙara ta cikin kashi 85. Duk wannan gaskiya ne a kan cati. Ƙananan asusun da aka rufe cikin dare ba su da layi a wannan ƙidayar, kuma a guruf ɗin admin ne kaɗai ke iya rubutu.

Abin da muka yi daga baya shi ne ya buɗe asusun gwaji da littafi. Duk siginar da ta zo, yana rubuta lokacin da ya gan ta da idonsa, farashin sayen da ke allonsa a wannan minti, SL na farko kafin kowane gyara, da inda cati ya nuna hujjar ta mutu. Sakamakon kuma ba da fif yake rubuta shi ba, da ninkin kasada: idan ya sa 18 ya ci 3, ya rubuta kashi ɗaya cikin shida, idan SL ya taɓu ya rubuta ɗaya cif a ɓangaren asara. Sigina goma ba su isa a yanke hukunci ba, domin tsarin TP na kusa yana iya jera nasara goma ba tare da faɗuwa ba. Mun tsayar da 50, kuma dala 200 ɗin ya cire su daga wurin dillalin kafin ya fara ƙidayar.